Kaya da lissafin dala, biya da naira: yadda ake gyara saƙon farashi

"Assalamu alaikum Malam. Ina kawo inbata da batiran sola daga Chaina bisa oda. Ga saƙon da na tura wa wani Alhaji kwastomana: 'Slm Alhaji, kayan dala 1,200 ne, ret 1,500. A turo rabi yanzu, sauran in kaya sun iso.' Ya turo 900,000. Bayan sati shida kaya suka iso, dala ta koma 1,580, na ce cikon 948,000 ne, shi kuma ya ce 900,000 muka yi. Har yanzu ba mu daidaita ba. Don Allah a gyara min saƙon yadda ba zan sake shiga irin wannan ba."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi shekaru ina riƙe wa wani maigida littafin lissafi a Kano, ni ke rubuta wa kwastomomi farashi ni ke bin cikon kuɗi, kuma irin wannan rigimar na gan ta sau ba adadi, kusan kullum kuma tsakanin mutanen kirki biyu ne da babu mai niyyar cutar wani a cikinsu. Kalma ɗaya ce ta kawo muku matsala, wato "sauran". Kai da ka rubuta ta, dala 600 ce a ranka. Shi Alhaji da ya karanta, tuni ya buga 1,200 sau 1,500 a wayarsa ya ga miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ya raba biyu, daga lokacin nan ya manta da dala gaba ɗaya, don shi naira yake samu naira yake kashewa. Saƙonka ya ɗauki karatun nan biyu daidai wa daida, shi ya sa kowannenku yake jin shi ke da gaskiya har zuciyarsa.

Saboda haka kafin a taɓa kalmomi, akwai shawarar da sai ka yanke ta kai kaɗai a shagonka: in dala ta motsa tsakanin ranar oda da ranar ciko, wa zai ɗauki nauyin? Duk gyaran da za mu yi wa saƙon daga amsar nan yake fitowa. Mutane da yawa suna zuwa min da saƙo su ce a ƙawata musu shi, in na tambaye su wannan sai su yi shiru, ashe su kansu ba su yanke ba, suna so ne in dala ta hau kwastoma ya cika, in ta sauka kuma su riƙe tsohon farashi. Babu iya rubutun da zai ɓoye wannan, kwastoma zai gane a ciniki na biyu.

Hanya biyu ce, ka zaɓi ɗaya

Ta farko ita ce ka kulle farashi. Kaya ₦1,800,000 ne, an gama magana, dala ta hau ko ta sauka babu ruwan Alhaji. A nan dalar da ka ambata bayani ne kawai na yadda ka kai ga wannan adadin. Kai ka ɗauki kasadar, don haka dole ka kare kanka, ko dai ka sayi dalar gaba ɗaya ranar da kuɗin farko ya shigo, in kana da jarin cikawa, ko ka ɗora ɗan rara a kan farashin canjin tun farko, misali kasuwa tana 1,500 kai ka yi lissafi a 1,540, ka faɗa a fili cewa wannan shi ne farashin wanda zai biya kashi biyu. Kwastoma yakan yarda da ƙarin da ya gani tun ranar farko fiye da wanda aka kawo masa bayan sati shida.

Ta biyu ita ce littafin ya zauna a dala, kowane biya a canza shi a farashin ranar da aka yi shi. Alhaji ya turo ₦900,000 a kan 1,500, ka rubuta masa ya biya $600, saura $600, kuma ranar ciko abin da dala take shi zai biya. A nan shi ya ɗauki kasadar, amma fa ta ɓangare biyu ce. In ta sauka zuwa 1,420 cikonsa ₦852,000 ne, kuma sai ka karɓa da sakin fuska. Kar ka ga kamar ba ta sauka. Waɗanda suka yi oda a ƙarshen Fabrairun 2024, lokacin da dala ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta gangaro ƙasa da 1,200, kuma na ga 'yan kasuwa da suka rubuta "farashin ranar biya" da hannunsu suna neman hanyar janye maganarsu.

Wacce ta fi dacewa da kai? Ka dubi yadda kake biyan kamfanin da ke Chaina. In kana biyansu duka tun ranar oda, to dalarka ka riga ka saye ta a 1,500, ₦48,000 ɗin nan ba daga aljihunka ta fita ba, abin da ya ragu shi ne ƙarfin kuɗin da za ka sake yin oda da shi. Asara ce ta gaske amma mai sauƙi, kuma hanyar kulle farashi da ɗan rara ta ishe ka. In kuwa kai ma rabi kake ba su, sauran sai kaya sun tashi ko sun iso, to kowace naira da dala ta ƙaru a jikinka take, hanya ta biyu ta fi maka, ko kuma ka nemi kafin alƙalami mai kauri, kamar kashi 70 cikin ɗari, don abin da ke rataye ya ragu.

Akwai masu yin tsaka-tsaki, su ce in motsin bai wuce ₦20 a kan kowace dala ba farashi yana nan, in ya wuce a sake lissafi. Yana aiki tsakanin manyan diloli da suka saba. Ga kwastoman gida da ke son sola ya kunna firij da fanka, ƙarin ruɗani ne, ban ba ka shawararsa ba.

"Ret 1,500" na wa, kuma zuwa yaushe?

Ka fara da rubuta shi cikakke: $1 = ₦1,500. Lamba tsirara ba alamar kuɗi a jikinta ita ce ƙofar farko ta gardama, balle a saƙonka 1,200 da 1,500 suna maƙwabtaka, mai karatu cikin sauri a kan babur ko a bakin masallaci zai iya ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayar.

Sannan dala ba farashi ɗaya gare ta ba ko a rana guda. Akwai na hukuma da Babban Bankin Najeriya ke wallafawa, akwai na 'yan canji a Wapa ko Zone 4 a Abuja, akwai kuma wanda ejan ɗin da ke tura maka kuɗi Chaina yake ba ka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 tazarar da ke tsakanin na hukuma da na kasuwa takan matse takan buɗe, amma ba kasafai suke zama abu ɗaya tak ba. Ko a wajen ɗan canji guda farashi biyu ne, wanda yake saye da wanda yake sayarwa. Ka je da dala ya karɓa a 1,490, ka je neman dala ya ba ka a 1,505. Kai mai sayen dala ne, don haka farashin sayarwarsa ne ya shafe ka. Shi kuwa Alhaji in ya kira yaronsa a Wapa ya ce "nawa dala yau?", yawanci farashin saye za a gaya masa, sai ya dawo ya ce ka ƙara masa ₦15 a kan kowace dala, a kan 1,200 kuwa ₦18,000 ke nan, ta isa ta ɓata zumunci. Layi ɗaya ke maganin wannan: "farashin da 'yan canji ke sayar da dala".

Na ranar yau ba shi da wahala tunda lambar tana rubuce. Na ranar ciko ne ke buƙatar tushe. In ka rubuta "ret ɗin ranar" kawai, ka mayar da rigimar gaba ne. Abin da muke yi shi ne mu ambaci wurin da kowa zai iya dubawa da kansa, da lokacin dubawa. Ko dai a ce farashin da CBN ya wallafa na ranar aiki da ta gabata, a ɗora naira kaza da aka amince tun yanzu, ko a ce farashin sayarwa na ɗan canji wane da mu biyu muka sani, da ƙarfe 10 na safe. Na farkon ya fi tsafta don babu mai iya taɓa shi, na biyun ya fi kusa da abin da za ka biya da gaske. Kowanne ka ɗauka, ranar ciko kai za ka fara aika lambar a rubuce tare da jimillar naira, kafin ya tura ko sisi.

Sai wa'adi. Farashin canji kamar tumatir yake, ba ya kwana da yawa. Kar ka rubuta "yau kawai", don saƙon WhatsApp ana tura shi gaba, Alhaji ya tura wa ɗansa, ɗan ya buɗe jibi, a wajensa jibin nan shi ne yau. Ka sa rana da kwanan wata da ƙarfe. Kuma ka faɗi abin da ake nufi da biya: kuɗi ya shigo asusu. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, "na tura netwok ne ya riƙe" ma ba kuɗi ba ne. Ka sa wa'adin a lokacin da kai ma za ka iya sayen dala a ranar, ƙarfe 3 ko 4 na yamma, don in alat ya shigo ƙarfe 9 na daren Juma'a kana riƙe da naira ne har Litinin, abin da ya faru a tsakani kuma a kanka yake.

Wani abu da ake mantawa shi ne iyakar taransifa. Kwastoma da yawa ba sa iya tura ₦900,000 a tashi ɗaya daga waya, bankinsu ya sa musu iyaka ta rana, sai su turo wani abu yau wani gobe. In kasuwa a kwance take ka ba da awa 48 ka huta. In tana rawa, ka tambaye shi tun farko ko zai iya turawa a rana ɗaya, in ba zai iya ba ya shiga banki.

Ga saƙon, in ka kulle farashi

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki, ya iyali?
Ga farashin inbata 1 da batir 2 da muka yi magana.
Jimilla: ₦1,800,000 (naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas).
Yadda aka samo shi: $1,200 a kan $1 = ₦1,500.
Biyan farko: ₦900,000. Ciko ranar karɓar kaya: ₦900,000.
In biyan farko ya shigo asusu kafin ƙarfe 4 na yamma, Laraba 12 ga Maris, farashin ya tsaya haka, ko dala ta hau ko ta sauka ba ƙari ba ragi.
In lokacin ya wuce, don Allah a tuntuɓe ni kafin a tura, zan aiko da sabon lissafi.
Kuɗin ya haɗa da jirgi da kwastan har shagona a Kano. Bai haɗa da kai kaya gida da aikin haɗawa ba.
In aka fasa kafin a tura oda, zan mayar da nairar da aka biya cif.
In ya yi wa Alhaji, a amsa min da 'na amince'. Na gode, Allah Ya ƙara arziki."

Ka lura naira ce a sama, da lamba da kuma kalmomi. Da gangan ne. Idon mai saye lambar da zai biya yake nema, in ba ka ba shi ba zai ƙirƙiro tasa. Kalmomin kuma suna kama kuskuren sifili, don ₦180,000 da ₦1,800,000 a ƙaramin allon waya 'yan uwan juna ne. Ka guji "1.8m" da "900k" a saƙon farashi, ka bar su a hira da abokai.

In kuma kowane biya da farashin ranarsa

Gaisuwa da bayanin kaya duk ɗaya ne, tsakiyar ce ke canzawa, sai kuma layin mayar da kuɗi da zan yi bayaninsa a gaba:

"Biyan farko: ₦900,000 (naira dubu ɗari tara), wato $600 a kan $1 = ₦1,500, in ya shigo kafin ƙarfe 4 na yamma, Laraba 12 ga Maris.
Kuɗin kayan duka a wajen kamfani da jigila $1,200 ne, saura $600 ke nan.
Cikon da naira za a biya, a farashin da 'yan canji ke sayar da dala a safiyar ranar biya, zan aiko da lambar a rubuce.
Misali: in dala ta kai 1,580 cikon ₦948,000 ne, in ta sauka 1,420 cikon ₦852,000 ne."

Layin misalin nan shi ne zuciyar saƙon, kar ka cire shi don taƙaitawa. Mutum zai karanta "farashin ranar biya" ya ce to, bai ji komai a jikinsa ba. Amma in ya ga 948,000 da idonsa tun ranar farko, ya ga kuma 852,000 a gefenta, ya san abin da ya shiga, kuma ya ga adalci ne don hanyar tana iya faɗowa ta wajensa. Da layin nan yana cikin saƙonka na farko da yau ba ka rubuto min ba.

Wannan hanyar tana da aiki a bayanta, domin kwastoma ba ya biya a dunƙule yadda aka tsara. A ce bayan sati uku Alhaji ya samu wasu kuɗi ya turo ₦500,000 ranar da dala take 1,520. Take a ranar za ka raba 500,000 da 1,520, ya ba ka $328.95, ka cire daga 600, saura $271.05, ka aika masa: "An karɓi ₦500,000 yau, a kan 1,520 ya zama $328.95, saura $271.05." Ranar da kaya suka iso a 1,580, cikonsa ₦428,259 ne. In ka bari sai ƙarshe za ku zauna lissafi, babu mai tuna dala nawa take ranar waccan Talatar, kowa zai tuno lambar da ta fi masa daɗi. Kuma ɗigon nan na bayan lamba kar ka share shi da sunan sauƙaƙawa, santi 95 a irin wannan farashin ya kusa ₦1,500. In za ka yafe, ka yafe a naira a ƙarshe, ka ce Alhaji ya kawo 428,000, ya san ka yi masa alheri.

Abin da ya taɓa cin mu

Layin mayar da kuɗi na sa shi ne saboda abin da ya faru a gabana. Wata Hajiya ta ba mu kafin alƙalami na kaya, kamfanin da ke can ya ja mu wata biyu sannan ya ce samfurin ya ƙare, ya mayar mana da dalarmu. A wata biyun nan dala ta hau sosai. Muka ce za mu mayar mata da nairar da ta bayar, ta ce a'a, ai ku kuka rubuta min cewa kuɗina ya zama dala kaza, dalar nan kuma tana hannunku, ku ba ni ƙimarta ta yau. Maigida ya sa na karanto masa saƙon sau biyu, ya yi shiru, ya ce a ba ta, gaskiyarta ne. Tun daga ranar ba na fitar da farashi sai da layin fasawa. Ƙa'idar da muka tsaya a kai mai sauƙi ce, in farashi a kulle yake da naira, naira ake mayarwa yadda aka karɓa, in kuwa littafi a dala yake, ƙimar dalar ake mayarwa a farashin ranar mayarwa, ta hau ko ta sauka.

Haka maganar kwastan. Kuɗin fito shi ma da farashin canji ake lissafa shi, kuma a 2024 an yi ta canza farashin da kwastan ke aiki da shi akai-akai. In ka ce farashinka ya haɗa da kwastan, ka san ka ɗauki wannan ma. In bai haɗa ba ka faɗa, kar ka bar shi ya zama labarin ranar karɓar kaya.

Ladabi ba ya hana lamba

Na san abin da ke sa matasa irinka rubuta gajeren saƙo mai harshen damo, nauyin babba ne. Kana jin kunyar ka sa wa Alhaji wa'adi da sharaɗi kamar ba ka yarda da shi ba. Ka sa girmamawar a inda take, a gaisuwa, a "don Allah", a "ranka ya daɗe", a addu'ar ƙarshe, ka bar tsakiyar saƙon ta zama lamba zalla. Manyan 'yan kasuwa sun fi kowa son haka, su ma haka suke yi da nasu diloli. Kalmomin da ya kamata ka kiyaya su ne irin "ba damuwa za mu daidaita", "kusan", "wajen", "yadda aka saba". Suna da daɗi a baki, amma duk wanda ya ji "za mu daidaita" ragi yake ji. In kun yi magana ta waya ko saƙon murya, kana ajiyewa ka rubuta abin da aka tsaya a kai ka aika, ka nemi ya amsa. In farashi ya canza kuma, sabon saƙo cikakke za ka aika mai cewa ya soke na ranar kaza, kar ka koma ka gyara tsohon, don gyararren saƙo zargi yake jawowa ko da gaskiyarka.

In kana da kwastomomi daga Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni, akwai tarko na musamman. A Nijar "dala" sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100 ke nan, jaka kuma sefa 1,000 ce, alhali a bakin dattawanmu na nan jaka ₦200 ce. Ga su sai ka rubuta "dalar Amurka" ko USD. Canjin sefa ma fuska biyu ake faɗinsa, wani ya ce nawa ake ba da jakar sefa da naira, wani ya ce sefa nawa ake ba da dubun naira, don haka ka rubuta ɓangaren biyu da alamar daidai a tsakani. Su kuma a rubutun Faransanci ba sa sa waƙafi a dubbai, ɗigo suke sawa ko su bar fili, waƙafin a wajensu na gutsuren lamba ne, a nan rubuta adadi da kalmomi ya zama dole.

Doka da addini

Dole in gaya maka wannan ko da bai yi daɗi ba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 20, ta ce naira ce kuɗin biya a ƙasar nan, ƙin karɓarta laifi ne. A 2015 bankin ya fitar da sanarwa yana hana sa wa kaya ko aiki farashi da kuɗin waje a cinikin cikin gida, a farkon 2024 kuma EFCC ta tashi tsaye a kan masu cajin dala, har da makarantu masu zaman kansu. Shi ya sa saƙon farko ya fi kwanciyar hankali, farashinsa naira ne, dala bayani ce. Na biyun ya fi zama daidai in matsayinka wakili ne, wato Alhaji ya aike ka ka sayo masa kaya daga waje, kuɗin kamfani dala ne don can ake biyansa, ladanka kuma ka faɗe shi daban da naira. Kayan da ke kan kanta a shagonka kuwa, naira kawai za ka rubuta musu. Ni akawu ne ba lauya ba, in cinikin ya kai na kwangila da kamfani ko ma'aikata, ka biya lauya ya duba takardar.

Ta fuskar addini, akwai hadisin da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa yana sayar da raƙuma a Baƙi'a, ya yi ciniki da dinari ya karɓi dirhami, ko ya yi da dirhami ya karɓi dinari, da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aka halatta masa in a farashin ranar ne kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Daga nan malamai suke cewa bashin da ke kan kuɗi iri ɗaya in za a biya shi da wani iri, farashin ranar biya ake bi. Wannan ma dalili ne na kar ka cakuɗa hanyoyin biyu, ko farashi naira ne tun farko, ko bashi dala ne a biya a farashin ranarsa. Tafsilin mas'alar ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ka nuna masa saƙon kansa.

₦48,000 ɗin da ke tsakaninku yanzu

Ra'ayina, ka karɓi ₦900,000. Kai ka rubuta saƙon, farashin canji ɗaya ka ambata, ba ka sa masa wa'adi ba, ba ka ce ciko zai bi kasuwa ba, duk dattijon da kuka kai wa maganar a kasuwa zai ce giɓin na mai rubutu ne. Ka je wajensa da ƙafarka, kar ka yi ta waya. Ka nuna masa rasit ɗin dalar da ka saya in a 1,580 ka cika wa kamfani, ka ce ranka ya daɗe kuskuren rubutuna ne, 900,000 ɗin ta yi, na dai so ka ga ba ƙari na ƙirƙira ba. Wasu in sun ga takarda da kansu suke cewa a raba, ya ƙara maka 24,000, in ya yi haka ka karɓa ka gode, in bai yi ba kar ka sake tayar da maganar. Sannan kafin ka tashi ka nuna masa sabon saƙon a wayarka, ka tambaye shi cikin hanyoyin biyu wacce yake so a yi odarsa ta gaba da ita.